Yadda ake gane imel na bogi da ke kwaikwayon banki

A makon jiya wani ƙanena da ke sayar da yadi a kasuwar Sabon Gari ya miƙo mini wayarsa hankalinsa a tashe, domin ya sami imel mai ɗauke da tambarin bankinsa, ana ce masa za a rufe asusunsa cikin awa 24 idan bai sabunta BVN ɗinsa ba. Tambarin daidai yake, amma kowa yana iya kwafo tambari daga intanet. Abu biyu muka duba: adireshin da saƙon ya fito, da wurin da mahaɗin cikinsa yake kaiwa. Ba zan ambaci bankin ba. Mu ɗauka adireshinsa na gaskiya shi ne bankinmisali.com.

Da farko ka sani cewa sunan da ke bayyana a saman saƙo ba hujja ba ne, domin mai aikawa ne yake rubuta duk sunan da ya ga dama. A manhajar Gmail ta waya, ka taɓa ƙaramar kibiyar da ke kusa da "to me", sai cikakken adireshin ya fito a layin From. Abin da ke bayan alamar @ shi ne abin dubawa. A wayar ƙanena mun ga support@bankinmisali-update.com, kuma wannan ƙarin da aka liƙa bayan sunan bankin ya mayar da shi wani adireshi dabam, wanda kowa zai iya yi wa rajista da kuɗi kaɗan. Ka nemo wani tsohon alat da ka tabbata daga bankinka yake, ka gwada adireshin biyu harafi bayan harafi, ba da gaggawa ba, saboda 'yan damfara sukan jera r da n su yi kama da m, ko su sa lamba 1 a gurbin harafin l, kuma a ƙaramin allon waya ido yakan wuce su.

Sai dai adireshin aikawa ma ana iya ƙirƙirarsa ya fito tamkar na gaskiya. Idan kana kan kwamfuta, ka danna ɗigo uku da ke gefen saƙon a Gmail, ka zaɓi Show original, ka duba layukan SPF, DKIM da DMARC, waɗanda ke nuna sakamakon gwajin da aka yi don tantance inda saƙon ya fito. Kalmar FAIL a nan babbar alamar haɗari ce. Amma PASS ba ta wanke saƙo, domin abin da take tabbatarwa kawai shi ne saƙon ya fito daga adireshin da aka nuna, ko da adireshin na ɓarawo ne.

Shi ya sa a ganina duba mahaɗi ya fi muhimmanci, tunda ta nan ake kwashe kuɗin. Kada ka danna shi. A waya, ka ɗora yatsa a kansa ka riƙe har adireshin ya bayyana. A kwamfuta kuwa, ka kai kibiyar linzami kansa, adireshin zai fito a ƙasan allo ta hagu. Ga irin abin da muka gani:

```
https://bankinmisali.com.sabunta-bvn.net/login
```

Ƙanena ya ce: "Yaya, ai ga sunan bankin nan a farko." A nan tarkon yake. Ka nemi alamar / ta farko da ta zo bayan https://, sannan ka karanta daga nan ka koma hagu. Gaɓoɓi biyu na ƙarshe da ɗigo ya raba kafin alamar su ne ainihin mai shafin, wato sabunta-bvn.net a nan, kuma duk abin da ya gabace su mai shafin ne ya rubuta yadda yake so. Idan adireshin ya ƙare da .com.ng, gaɓoɓi uku za ka ɗauka. Kada https ko hoton kwaɗo su ruɗe ka, domin suna nuna an ɓoye bayanan da ke tafiya tsakaninka da shafin ne kawai, kuma shafukan damfara ma suna samunsu kyauta. Gajeren mahaɗi irin na bit.ly yana ɓoye inda za a kai ka, saboda haka ka bar shi.

Idan ka riga ka shigar da bayananka, ka kira lambar da ke bayan katin ATM ɗinka nan take, ba wadda ke cikin imel ɗin ba, a toshe katin, sannan ka canza kalmar sirrinka da lambar PIN ta cikin manhajar bankin. Duk wanda ya kira ka bayan haka yana neman lambar OTP, kada ka faɗa masa, ko da ya ce shi ma'aikacin banki ne.

Ƙanena bai danna komai ba. Mun zaɓi Report spam a kan saƙon, washegari ya leƙa reshen bankinsa a unguwar PZ, aka tabbatar masa asusunsa lafiya lau yake.