Gasar Farashi Tsakanin Kaya Mabambanta: Inda Ɗalibai Ke Tuntuɓe

Duk shekara sai na ga kuskure iri ɗaya a takardun masu koyon gasar farashi irin ta Bertrand, har na gaji da jan layi da jan biro. Bari mu ɗauki kamfanoni biyu masu sayar da kaya masu kama da juna amma ba iri ɗaya ba, kowanne yana kashe 10 a kan kowane guda:

q1 = 100 − 2p1 + p2
q2 = 100 − 2p2 + p1

A nan q shi ne yawan kayan da kamfani zai sayar, p kuma farashinsa. Ribar kamfani na farko ita ce π1 = (p1 − 10)(100 − 2p1 + p2). A fitar da dπ1/dp1, a bar p2 yadda yake, a daidaita da sifili: 120 − 4p1 + p2 = 0. Martaninsa mafi riba ke nan: p1 = 30 + p2/4. Na biyu ma haka, p2 = 30 + p1/4. Inda layukan suka haɗu, wato daidaiton Nash, kowa yana sayarwa a 40, ya sayar da guda 60, ya ci ribar 1800.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gaggawar cewa tunda kamfanonin kamarsu ɗaya, a sa p1 = p2 tun daga farko. Mai yin haka zai rubuta (p − 10)(100 − p), ya samu 55, ya ja layi biyu a ƙarƙashi yana murna. Haba! Wa ya ba kamfani na farko ikon saka farashin abokin gasarsa? Abin da ka lissafa shi ne farashin da za su sa in sun haɗa baki, ba gasa ba. Akwai wata ɗaliba da ta biyo ni bayan darasi tana musu, wai ai 55 yana ba kowa ribar 2025, wadda ta fi 1800, to me zai hana su tsaya a can? Na ce ta sa p2 = 55 a cikin martanin na farko. Ta samu 43.75. A wannan farashin zai sayar da 67.5, ribarsa ta haura 2278. Ashe duk wanda aka bari a 55 zai zame ƙasa ya kwashe masu saye, ɗayan ma ya rama. Ɗabi'ata ita ce ba na yarda da amsa sai na mayar da ita cikin martanin kowane kamfani ta dawo mini da kanta. Daidaita p1 da p2 kuwa sai bayan an fitar da martanin, ba kafin nan ba.

Kuskure na biyu ya samo asali ne daga sabo. An fara koya wa mutum tsarin Cournot na 1838, inda ake gasa da yawan kaya kuma layin martani ke gangarowa, sai hannunsa ya zana mai gangara a nan ma ba tare da tunani ba, alhali a nan layin hawa yake yi. Wasu har sukan mayar da + p2 ya zama − p2 don zanen ya yi daidai da abin da suka saba, su ƙare da farashin 24. Wannan alamar ragewa ta kayan da ake amfani da su tare ce, ba na masu maye gurbin juna ba.

Ku tsaya ku ga dalilin hawan layin. In na biyu ya ɗaga farashi daga 40 zuwa 44, wasu masu sayensa za su koma wajen na farko, buƙatar kayan na farkon ta ƙaru da guda 4. Yanzu ƙarin farashi zai kawo masa kuɗi a kan kaya masu yawa fiye da da, alhali masu gudu saboda ƙarin ba su ƙaru ba, har yanzu guda 2 ne a kan kowane ƙarin 1. Don haka ya hau zuwa 41, ya sayar da 62. Lura cewa bai bi shi taki-taki ba, kashi ɗaya cikin huɗu kawai ya bi, shi ya sa layukan ke haɗuwa a wuri ɗaya.

Masu mantawa da kuɗin samarwa wajen buɗe baka suna samun 100 a madadin 120, farashinsu ya fito 33.3. Masu rubuta p = 10 don sun haddace sakamakon Bertrand kuwa, wancan na kaya iri ɗaya sak ne, inda ragi kaɗan ke kwashe kasuwa duka. A nan ragin 1 guda 2 kacal yake kawowa.

Sai tambayar sauyin kuɗin samarwa. In na kamfani na biyu ya tashi zuwa 25, layinsa kaɗai ke matsawa, ya zama p2 = 37.5 + p1/4. Kada ku taɓa layin na farko, domin babu kuɗin abokin gasarsa a cikinsa. Duk da haka farashinsa zai hau, yana bin layinsa na da: p1 = 42, p2 = 48.