"Mun amince, sai ɗan gyara biyu": kurakuran da sabbin editoci ke ta maimaitawa

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya yana faruwa da yaran da ke koyon editin. Mutum ya yi sati uku yana fama da bidiyon tallan kaya, sai ga imel daga kwastoma: bidiyo ya yi kyau, mun amince, sai ɗan gyara guda biyu kawai. Da ya ga "mun amince" sai jiki ya ɗau rawa, ya yi gyaran cikin minti goma, ya yi ekspot ya tura. To a wannan minti goman ake ɓata aikin sati uku, kuma ni ma ta nan na taɓa ƙonewa, shi ya sa nake magana da zafi.

Bari in ba ku nawa. Bidiyon fitila mai caji ne, sakan 60, firem 25 a sakan. Imel ɗin ya ce na ɗaya, a 0:18 rubutun da ya ce batir na yin awa 8 a mayar da shi awa 6, don injiniyoyinsu sun ce 6 ne daidai. Na biyu, a 0:42 a cire wajen da hannu ya shigo yana danna maɓalli. Shi ke nan.

Na buɗe aiki, na goge 8 na sa 6. Abin da na manta shi ne awa 8 ɗin nan ba a waje ɗaya take ba. Mai karanta talla ya ce "awa takwas" da bakinsa a wajen sakan 20. Tana cikin fayil ɗin SRT na sabtaitil. Tana katin ƙarshe a ƙasan logo, da ƙananan haruffa. Kuma akwai sigar tsaye ta 9:16 da gajeriya ta sakan 15, kowacce da taimlayin ɗinta daban, ban ko leƙa su ba. Kwastoma bai lissafo waɗannan ba saboda shi inda idonsa ya kama kawai ya faɗa, ai ba aikinsa ba ne ya san wurare nawa na saka lambar. Bidiyo ya hau, allo na cewa 6 murya na cewa takwas, kwana biyu yana yawo kafin su sauke. Sai da na sake kiran mai murya na biya shi daga aljihuna, kuma kamfanin bai ƙara neme ni ba, har yau abin na min ciwo in na tuna.

Don haka duk gyaran da ya shafi lamba, suna ko wata magana kan abin da kayan ke yi, kar ka ɗauke shi gyaran waje ɗaya. Ni yanzu takarda nake ɗauka in rubuta: rubutun allo, murya, sabtaitil, katin ƙarshe, hoton bango, sauran sigogi, sannan jikin kayan da kwalinsa in lambar ta fito a hoton da aka ɗauka. Ina bi ɗaya bayan ɗaya ina sa alama. In ta kama sai an sake ɗaukar murya, nan take nake gaya wa kwastoma kafin in taɓa komai, domin wannan ya wuce ɗan gyara, akwai kuɗi da lokaci a ciki kuma gara ya ji tun kafin a yi.

Gyara na biyu ma bai bar ni ba. Hoton hannun sakan 2 ne, wato firem 50. Na yi Ripple Delete, wato yankan da ke jawo sauran hoto ya rufe gurbin, hoto ya matso, amma layin kiɗa da na murya a kulle suke tun ranar da na gama haɗa sauti, ba su motsa ba. Daga sakan 42 zuwa ƙarshe murya tana bayan hoto da sakan 2, logo ya fito kafin bugun ƙarshe na kiɗa, sabtaitil ɗin ma ya kauce. Me ya sa ban gani ba? Saboda wajen da na yanke kawai na kalla, sakan uku gaba sakan uku baya, na ce ya yi.

Haba jama'a, bidiyon minti ɗaya ne fa! Me zai hana ka zauna ka kalle shi daga farko har ƙarshe? Kuma fayil ɗin da ya fito bayan ekspot nake nufi, wanda za ka tura, ba taimlayin ba. Ni sau biyu nake kallo, ɗaya a kwamfuta da abin kunne, ɗaya a waya da sifikarta, in kuma aikin na da rubutu da yawa sai in ƙara na uku ba sauti ina karanta kowane harafi. Duk wanda ya ce min ba shi da minti uku na wannan, to bai shirya yin sana'ar nan ba.

Sannan a matakin ƙarshe ni ba na taɓa tsawon bidiyo in da hali. An ce a cire hoto, sai in cike gurbin da wani hoton mai firem 50 daidai, ko in ja na gabansa da firem 25 na bayansa da firem 25. Kiɗa, murya da sabtaitil duk suna nan inda suke, bidiyo na nan a sakan 60. Wasu editoci sun fi son su yanke su sake gyara kiɗan, ban ce laifi ba ne, ni dai na daina. In kuma gurbin talla na sakan 30 ko 60 aka saya, ba ma ka da zaɓi.

Wani abin da yara ke jin nauyin yi shi ne mayar da amsa kafin fara gyara, wai kar a ce ba su gane ba. Kwastoma da ya ce 0:42 a wayarsa ya duba, yana iya nufin 41 ko 43, kuma a tallan da ake yanka da sauri hotuna uku ne a wajen. Taimlayin ɗinka ma wataƙila daga 01:00:00:00 ya fara ba daga sifili ba, kamar yadda manhajar DaVinci Resolve ke yi. Ɗauki hoton firem ɗin ka tura: "Ranka ya daɗe, wannan hoton kuke nufi? Kuma awa 6 ɗin har da murya da katin ƙarshe za mu canza. In an yi waɗannan biyun, shi ke nan an rufe aiki ko?" Tambayar ƙarshen nan ita ce mai muhimmanci, don amincewar da ke cikin imel ɗin farko da sharaɗi take, sai an ga gyaran ta tabbata. Ka yi Reply All, saboda sau da yawa wanda ya rubuto ba shi ne mai sa hannu ba, ogan na can a Cc yana kallo. In an faɗa maka ta waya, ka rubuta abin da aka ce ka tura ta imel.

Kar kuma ka ƙara gyara na uku daga kanka. Ka ga kala ta ɗan yi sanyi ka ɗumama ta, ai an riga an amince da waccan kalar, ka tambaya ko ka bar ta.

Sauran ƙanana ne amma suna kunyata mutum. Kar ka yi gyara a kan sigar da aka amince da ita, yi kwafi tukuna. Ka daina sa wa fayil suna final_final2, lamba da kwanan wata sun isa, kamar fitila_60s_16x9_v07. Cire wotamak da taimkod ɗin da ka manna don bita. Ka tabbata kiɗan mai lasisi ne ba samfurin gwaji mai muryar kamfani a ciki ba, kuma ekspot ɗin daga asalin fayiloli ya fito ba daga firoksi ba, wato ƙananan kwafin da ake editin da su don sauƙi. Imel ɗin da suka rubuto "mun gani, an rufe" kuwa, ni ina ajiye shi PDF a folda ɗaya da bidiyon, sannan in tura takardar neman biya a ranar.