Darasi: Ribar Ƙwai Ɗaya Bayan An Cire Waɗanda Suka Fashe

Mai sarin ƙwai yakan ce: "Kiret ɗaya ƙwai 30 ne, in na raba kuɗin da na saya gida 30, na san nawa kowane ƙwai ya tsaya mini." Lissafin daidai ne a wurin sari. Amma kafin kaya su iso gida, sau da yawa 30 ɗin nan ba sa cika. A nan ne mutane da yawa ke zubar da riba ba su sani ba, kuma abin yana damuna, domin wahalar an riga an sha ta.

Mu ɗauki misali. Lambobin na koyo ne kawai, kai ka sa naka kuɗin a gurbinsu.

A ce ka saro kiret ɗaya a kan 2,700, kana sayar da ƙwai ɗaya 110. Idan ka raba 2,700 gida 30, kowane ƙwai ya tsaya maka 90. Sai ka ce ribar kowane ƙwai 20 ce, ta kiret kuwa 600.

To, ka iso gida ka buɗe kaya. Ka ga ƙasan kwalin ya jiƙe, gwaiduwa ta manne a rami uku. Ƙwai 3 sun tafi, saura 27. Wanda ya sayar maka ba zai rage maka ko kaɗan ba, 2,700 ɗinka ta riga ta fita. Ke nan ƙwai 27 ɗin da suka tsira su ne za su biya kuɗin 30. Don haka da 27 za ka raba:

2,700 ÷ 27 = 100

Yanzu kowane ƙwai ya tsaya maka 100. Cire wannan daga kuɗin sayarwa:

110 − 100 = 10

Ribar ƙwai ɗaya ta sauko daga 20 zuwa 10. Ta kiret gaba ɗaya kuwa 27 × 10, wato 270.

Tsaya ka dubi wannan da kyau. Ƙwai 3 kacal suka fashe cikin 30, amma fiye da rabin riba ta tafi: daga 600 zuwa 270, an rasa 330. Dalili shi ne kowane ƙwai da ya fashe ya tafi da 110 cur, wato uwar kuɗinsa 90 da ribarsa 20. Idan ribarka 20 ce a kan kowane ƙwai, sai ka sayar da lafiyayyu har biyar kafin ka maye uwar kuɗin guda ɗaya da ya fashe.

Akwai hanyar gwada amsarka. Lissafa duk abin da zai shigo hannunka: 27 × 110 = 2,970. Cire 2,700, saura 270. Idan hanyoyin biyu suka ba ka amsa ɗaya, lissafinka ya yi. Idan suka saɓa, koma ka duba rabawar, galibi a nan kuskuren yake.

Kada ka manta da kuɗin mota da na dako, su ma cikin uwar kuɗi suke. A ce rabon wannan kiret daga kuɗin ɗauko kaya 135 ne. Uwar kuɗi ta zama 2,835. Raba ta gida 27, ka sami 105. Ribar ƙwai ɗaya ta koma 5.

Wata tambaya da ya kamata ka riƙa yi wa kanka ita ce: ƙwai nawa zan sayar kafin kuɗina su dawo? A misalinmu na farko, ƙwai 24 za su kawo 2,640, ba su kai 2,700 ba. Sai a na 25 kake tsallake uwar kuɗi. Ke nan in 6 suka fashe, ko ka sayar da sauran duka, ka faɗi da 60.

Ka ƙirga fasassun tun kafin ka yanke farashi, har da masu tsaga. Ba kowace tsaga ido ke gani ba. Ɗaga ƙwan ka haska shi da tocila, za ka ga siririn layi a jikin ɓawon. Ko ka ƙwanƙwasa biyu a hankali: mai lafiya yana ba da ƙara tsaf, mai tsaga kuwa ƙararsa a dushe take. Mai tsaga ba ya jimawa, kada ka sa shi cikin lissafin masu cikakken farashi.

Aikin gida

Wata mata ta saro kiret a kan 2,800. Ƙwai 2 sun fashe. Tana sayar da ɗaya 115.

1. Ƙwai nawa suka rage mata?
2. Nawa kowane ƙwai ya tsaya mata?
3. Nawa ce ribar ƙwai ɗaya, nawa ce ta kiret?
4. Gwada amsarki ko amsarka ta hanya ta biyu, a kawo littafi aji na gaba.