Takaitaccen bayanin bincike na taron nas-nas: kalma 250 ba kari

'Yan uwa nas-nas, in an ce kalma 250 to ku raba tun kafin ku fara rubutu: gabatarwa da manufa 50, hanyar bincike 70, sakamako 90, kammalawa 40. Inda muke faduwa gabatarwa ce wallahi, mutum zai cinye kalma 120 yana bayanin menene gyambon kwanciya alhali masu tantancewa nas ne sun sani, sai a zo sakamako ba wuri a rubuta "an samu sauki sosai". A'a, sa lamba, marasa lafiya nawa, kashi nawa kafin a fara juya su duk awa 2, kashi nawa bayan nan. Kuma ku duba ko take da sunayenku na cikin lissafin, wani fom din yanke karshen yake.