Yadda ake gano abin da mutane ke rubutawa a Google kafin ka sa wa rubutunka suna

Na taɓa yin rubutu mai tsawo a kan cututtukan kaji, na sa masa suna "Dabarun kula da lafiyar tsuntsayen gida". Wata biyu ya yi babu mai leƙa shi. Daga baya na gane cewa matar da ta wayi gari ta tarar da 'yan tsakinta sun takure a lungu, fukafukai a sake, ba za ta taɓa rubuta wannan jimlar ba. Abin da za ta rubuta shi ne "maganin murar kaji". Ilimin yana cikin rubutun, amma sunan da na sa masa ba da bakinta ya yi magana ba.

Hanyar jin bakin mutane tana cikin wayarka, kuma kyauta ce. Idan ka fara rubutu a akwatin bincike na Google, wasu jimloli kan sauko ƙasa tun kafin ka gama. Google ya fara gwada wannan a 2004, ya sa shi a babban shafinsa a 2008. Galibin jimlolin daga binciken da mutane suka riga suka yi ake samo su, ana kuma la'akari da harshen da ka yi rubutu da shi, da wurin da kake, da abin da ake yayi a lokacin, da abin da kai kanka ka taɓa nema.

Wannan na ƙarshen shi ne tarkon farko, don haka da shi za a fara. Buɗe Chrome, ka taɓa ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi New Incognito tab, sannan ka shiga google.com ka yi rubutu a akwatin da ke tsakiyar shafin. Idan ba ka yi haka ba, tsofaffin bincikenka za su cakuɗe da na jama'a, ka zaci kowa na neman abin da kai kaɗai ka nema. Alamar gane su mai sauƙi ce: jimlar da ta fito daga tarihinka tana da hoton ɗan agogo a gefenta, ta jama'a kuwa tana da hoton gilashin ƙara girman abu. Ka sani dai Incognito ba ya ɓoye garin da kake. Wanda ke Kano da wanda ke Maraɗi za su iya ganin jeri daban.

Mataki na biyu, rubuta kalmar da ta fi gajarta a batunka. A nan "kiwon kaji" ce. Ka bar tazara ɗaya bayanta, kada ka danna nema, ka tsaya ka karanta. Kwafe duk abin da ya sauko a littafi yadda yake, har da kuskuren rubutunsa. Kada ka gyara komai.

Daga nan sai bin haruffa. Bayan "kiwon kaji" ka sa a, ka duba. Ka goge ka sa b, ka duba. Haka har z. Aikin yana cin kamar minti ashirin, kuma haruffa da yawa ba za su ba ka komai ba, musamman a Hausa da masu bincike da ita ba su kai na Turanci yawa ba. Kada wannan ya kashe maka gwiwa. Sai ka juya ka sa kalmomin tambaya a gaba: "yadda ake", "menene", "maganin", "amfanin", "nawa ne". A ganina "maganin" da "yadda ake" sun fi sauran buɗe ƙofa, domin Bahaushe ya fi zuwa Google da matsala a hannu. Akwai kuma dabarar cike gurbi: rubuta "yadda ake kaji", ka mayar da alamar rubutu tsakanin "ake" da "kaji", ka ƙara tazara. Sau da yawa Google zai kawo kalmomin da ke shiga tsakiya.

Yanzu ga inda mu masu rubutu da Hausa muka fi yin asara. Mun saba da daidaitacciyar Hausa, amma babban yatsa a kan waya bai san ta ba. Mutane da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ a allon rubutunsu, don haka "hada" suke rubutawa maimakon "haɗa", "kwai" maimakon "ƙwai". Wasu "yanda ake" suke sawa, wasu ma su haɗe shi ya zama "yandaake". Mai kiwon kajin gidan gona kuwa zai iya rubuta "abincin broiler" ko "maganin gumboro", Hausa da Turanci a jimla ɗaya, wani kuma ya rubuta tambayarsa duka da Turanci ya ƙare da "in hausa". Kowace siga ka gwada ta daban, domin jerin kan canza. Ba ina cewa ka lalata rubutunka ba ne. Ka rubuta "haɗa" da ɗ ɗinta a cikin aikinka, amma ka san sigar da ake nema da ita, ka kuma bar kalmar aron da manoma ke amfani da ita ta fito a jikin rubutun.

Maimaita duk wannan a akwatin YouTube. Jerinsa daban ne da na Google, kuma can ne masu son a nuna musu da ido suke zuwa, kamar yadda ake auna dusa da masara wajen haɗa abinci.

Idan ka gama za ka iya samun jimloli talatin ko arba'in. Raba su bisa abin da mai tambayar ke buƙata. A littafina na kiwon kaji gida uku suka kasu: masu son farawa, suna tambayar jari da keji, masu neman rage kuɗin abinci, da waɗanda cuta ta riga ta shigar musu. Kowane gida rubutunsa daban. Wanda kajinsa ke mutuwa yau ba shi da haƙurin karanta sakin layi biyar a kan gina keji, kuma haɗa shi da mai son farawa a rubutu ɗaya shi ne kuskuren da na yi tun farko.

Akwai abin da jerin ba zai gaya maka ba. Ba ya faɗin mutum nawa ne suka nemi jimla, kuma kasancewarta a sama ba hujja ba ce cewa ta fi ta ƙasa masu nema. Idan kana son gwada biyu, kamar "yadda ake" da "yanda ake", sa su a Google Trends, shafin Google da ke kwatanta yadda ake neman kalmomi, ka zaɓi Nijeriya. Shi ma ba adadi yake bayarwa ba, ma'auni ne daga 0 zuwa 100, kuma idan masu nema sun yi kaɗan zai ce bayanai ba su isa ba. Haka nan rashin fitowar jimla ba ya nufin babu mai nemanta, domin Google na cire wasu da gangan, irin na batsa da ƙiyayya da tashin hankali, wasu kuma masu nemansu ne ba su kai a nuna su ba.

Kafin ka amince da jimla, danna ta ka ga abin da ya fito. Idan ka nemi "maganin murar kaji" ka tarar shafin farko cike da bayanin murar mutane ko rubutun Turanci, to ga tambaya ana yi babu mai amsawa da Hausa, kuma da ita ya kamata ka fara. Ka rubuta kwanan wata a saman shafin littafinka, ka sake gwadawa idan sanyin hunturu ya shigo, lokacin da cutar kaji ta fi tashi, ka gwada jerin biyu ka ga abin da ya ƙaru.