Kurakuran da masu makarantar koyon tuƙi suka fi yi wajen tallar ɗalibai da bayyana farashi

Kuskuren farko yana cikin amsar da ake ba mai tambayar kuɗi. Mace ta ga hoton wata ɗaliba a WhatsApp, ta rubuto tana tambayar nawa ne, sai a ce mata "Hajiya, ki zo ofis mu yi magana." Yawanci ba za ta zo ba, don ta ɗauka za a dubi tufafinta ne kafin a yanka mata farashi. Wanda kuma ya rubuta "daga naira 30,000" bai fi wancan ba, domin kalmar "daga" ita ce mafarin rigimar da za a yi a mako na biyu.

Gyaran shi ne a raba farashin mataki-mataki bisa irin ɗalibin. Sunaye irin su "na zinariya" da "na azurfa" ba sa gaya wa kowa komai. Ga misali, alƙaluman na kwatance ne, kowa ya sa nasa. Wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba: darasi 26, naira 78,000. Wanda ya iya amma hannunsa ya yi sanyi, ko yake tsoron shataletale da cunkoso: darasi 10, naira 35,000. Ƙarin darasi guda: naira 4,000. Ka raba ka gani: na farko ya kama 3,000 kowane darasi, na biyu 3,500, na uku 4,000. Haka ya kamata, kuɗin darasi ya riƙa sauka idan aka sayi mai yawa. Na taɓa ganin takardar da babban matakin ya fi ƙaramin tsada a kowane darasi, ɗalibai suka gano, suka riƙa sayen ƙaramin sau biyu.

A ƙarƙashin kowane mataki a rubuta minti nawa ne darasi, kuma ɗalibi nawa ne a motar. Awa ɗaya da mutum huɗu ke karɓa-karɓa, minti 15 ce kowa ya samu a kan sitiyari. A faɗi ko motar mai kulochi ce ko otomatik, ko akwai malama ga matan da suke so, da abin da ake ƙarawa idan har gida za a je ɗauko mutum.

Inda aka fi samun ɓacin rai shi ne lasisi. A Najeriya sabon direba sai ya bi ta makarantar da Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, ta amince da ita, ya cika zaman horo 26, ya sami takardar shaida, ya yi gwajin tuƙi a wurin jami'an duba motoci, VIO, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Kuɗin lasisin na gwamnati ne, daban yake da na makaranta. Idan takardar farashinka ta yi shiru a kan wannan, ɗalibi zai ɗauka duk yana ciki. Rubuta ɓaro-ɓaro: "Ban da kuɗin lasisi." Ka kuma rubuta cewa matakin darasi 10 ba ya kai mutum ga takardar shaida.

Sai labaran nasara. Galibi abin da ake gani hoto ne na mutum a jikin mota, da "Alhamdulillah, muna taya ɗalibinmu murna." Addu'a ce mai kyau, amma mai karatu bai ƙaru da komai ba. Abubuwa uku sun isa: yadda ya zo, abin da ya ba shi wuya, da inda ya kai a darasi nawa. Kamar haka: "Malamar firamare ce, ta zo ba ta san birki da totur ba. Tashi a kan hawa ya wahalar da ita, mota na mutuwa duk sanda ta saki kulochi, har sai da muka ƙara mata darasi 3. Yanzu ita ke kai 'ya'yanta makaranta. Mataki na ɗaya ta ɗauka." Jimlar ƙarshen ce ke haɗa labarin da farashi, don duk mai irin tsoronta ta san wanda za ta biya. Kada a ɓoye ƙarin darasi 3 ɗin nan. Shi ne ya sa za a gaskata sauran. Labarin "ya iya mota a kwana 5" kuwa, tambaya yake jawowa a kan zaman 26 da aka ce an yi.

Kafin a saka hoto a nemi izini, musamman na mata, kuma idan ta ƙi, labarin zai tsaya da ƙafarsa ba hoto ba suna. Idan ɗalibi ya ɗaga lasisinsa a hoton, a rufe lambar da ranar haihuwa da adireshin da ke jiki kafin a tura.