Darasi na Tara: Hasashen Cinikin Mako Mai Zuwa da SLOPE, INTERCEPT da RSQ

A darasin da ya wuce mun koyi shigar da ciniki a Excel. Yau za mu sa lissafin nan ya faɗa mana kayan da ya kamata a saro mako mai zuwa, ya kuma faɗa mana ko maganar tasa abar dogaro ce. Duk abin da za mu yi yana aiki a Google Sheets ma, ko da a waya ne.

Mu ɗauki misalin wata baiwar Allah mai ɗan shago a ƙofar gida a Kano, tana sayar da ruwan leda mai sanyi. Tun farkon Fabrairu take rubuta yawan jakar ruwan da ta sayar kowane mako. Ku buɗe sabon shafi ku shigar da wannan, lambar mako a jerin A, yawan jaka a jerin B:

```
    A      B
1   Mako   Jaka
2   1      41
3   2      46
4   3      47
5   4      56
6   5      58
7   6      67
```

Ku lura lamba muka sa wa makonnin. Idan aka rubuta "makon farko" da haruffa, lissafin ba zai yiwu ba.

Ko da ido an ga cinikin yana hawa, tunda sanyi na janyewa zafi na shigowa. Sai dai hawan ba daidai yake ba, wani mako jaka 1 ce ta ƙaru, wani kuma har 9. Abin da muke nema shi ne miƙaƙƙen layi guda da zai ratsa tsakiyar lambobin nan, ya kusanci kowace gwargwadon iko. Layin yana da abu biyu: inda ya faro, da yadda yake hawa. A akwatin D1 da D2 ku rubuta:

```
=SLOPE(B2:B7,A2:A7)
=INTERCEPT(B2:B7,A2:A7)
```

D1 zai nuna 5. Ma'anarsa, idan an daidaita, jaka 5 ke ƙaruwa duk mako. Da cinikin raguwa yake yi, da lambar ta fito da alamar ɗebewa a gabanta. D2 kuma zai nuna 35, wato inda layin yake a mako na 0, kafin a fara ƙirga. Kada ku je neman 35 a littafin mai shago, ba ta taɓa sayar da haka ba, mafarin layin ne kawai.

Yanzu hasashe. Ana ɗaukar mafari, a ƙara masa hawan mako sau lambar makon da ake so. Mako na 7 ke nan 5 sau 7, 35, a haɗa da mafari 35, ya zama jaka 70. A D3:

```
=D2+D1*7
```

Kuskuren da na fi gani a aji shi ne juya jerin. Abin da ake son hasashensa shi ke fara shiga baka, wato B kafin A. Wanda ya juya, Excel ba zai yi masa gargaɗi ba, zai ba shi 0.19 maimakon 5 ya yi shiru. Saboda haka ku riƙa auna amsa da hankalinku: cinikin da ya tashi daga 41 zuwa 67 a mako shida ba zai yiwu hawansa ya kasa jaka ɗaya ba. Idan kuma kun ga `#N/A`, jerin biyu ne ba su zo tsawo ɗaya ba, misali ɗaya ya tsaya a 7 ɗaya a 6. Waɗanda Excel ɗinsu ke da Faransanci, kamar wasu 'yan'uwa a Nijar, za su sami sunayen a matsayin PENTE, ORDONNEE.ORIGINE da COEFFICIENT.DETERMINATION, kuma `;` ake sawa a madadin `,`.

To, shin 70 ɗin nan a yarda da ita? A D4 ku rubuta:

```
=RSQ(B2:B7,A2:A7)
```

Amsar ita ce 0.956, a taƙaice 0.96. Wannan lamba kullum tsakanin 0 da 1 take zama, kuma ina so ku fahimci inda ta fito, don kada ku haddace ta kawai.

A ce mai shagon ba ta san da wani layi ba, sai ta ɗauki matsakaicin cinikinta, jaka 52.5, ta ce haka za ta sayar kowane mako. A makon farko ta kuskure da 11.5, a na shida da 14.5. Idan aka ninka kowane kuskure da kansa, aka tara na mako shida, za a sami 457.5. Yanzu a gwada layinmu. Shi cewa yake 40, 45, 50, 55, 60, 65, alhali abin da aka sayar 41, 46, 47, 56, 58, 67 ne. Saɓanin ke nan 1, 1, 3, 1, 2, 2. A ninka kowane da kansa a tara, 20 kacal. Daga 457.5 kuskure ya sauko 20, wato layin ya share wajen kashi 96 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin makonni, saura kashi 4 da bai iya bayyanawa ba, irin ranar da aka ɗauke wuta ruwa bai yi sanyi ba, ko ranar da aka yi suna a maƙwabta. Abin da RSQ ke aunawa ke nan.

Don ku ga ɗaya ɓangaren, ku shigar da burodin da ta sayar a makonnin nan a jerin C: 30, 22, 35, 24, 33, 30. Idan kuka maimaita lissafin a wasu akwatuna, da C2:C7 a madadin B2:B7, SLOPE zai ba da 0.63, INTERCEPT 26.8, hasashen mako na 7 kuma 31.2. Amsa ta fito tsaf kamar ta ruwa, amma RSQ 0.05 ne. Lambar mako ba ta bayyana komai a cinikin burodi ba, yana hawa yana sauka ne saboda wasu dalilai. Wannan ba ya nufin burodi ba ya ciniki. Yana nufin layin bai fi matsakaici amfani ba, gara ta riƙe 29 ta saro kusa da haka.

Akwai abu biyu da 0.96 bai faɗa ba, kuma nan ne mutane ke asara. Bai ce akwai tabbacin kashi 96 cikin 100 za a sayar da 70 ba. Labarin makonnin da suka wuce kawai ya bayar. Tunda layin ya saba kuskurewa da jaka 1 zuwa 3, mai hankali zai ce cinikin zai faɗa wajen 67 zuwa 73, idan al'amura ba su canja ba.

Na biyu ya fi haɗari. Ku canja 7 ɗin D3 zuwa 26, za ku ga jaka 165. Mako na 26 daga farkon Fabrairu ya faɗa ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, tsakiyar damina, garin ya yi sanyi, masu neman ruwan sanyi sun ragu. Zafi ne ke tura cinikin, lambar mako rakiya kawai ta yi masa, kuma layin bai taɓa ganin damina ba. Haka azumi ko buɗe sabon shago a unguwar zai iya karya lissafin. Shi ya sa nake ba ku shawara kada ku wuce mako ɗaya ko biyu gaba, musamman da lambobi shida kacal, kuma duk mako a ƙara sabon ciniki a faɗaɗa jerin zuwa B8 da A8.

Aikin gida: mako na 7 ya zo, an sayar da jaka 69. Ku shigar da ita, ku sake fitar da SLOPE, INTERCEPT da RSQ, ku yi hasashen mako na 8. Sannan ku canja 69 zuwa 45, ku rubuta a littafinku yadda RSQ ya koma, ku zo da shi aji na gaba.